Wasiƙar Da Jan Biro Ya Mayar

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin magatakarda a ofishin ilimi, kuma har ya yi ritaya ba wanda ke kiransa da sunansa. Jan Biro ake ce masa. Duk wasiƙar da za ta fita sai ta bi ta teburinsa, shi kuwa layin kwanan wata yake fara dubawa. Ka rubuta litinin da ƙaramin baƙi, ya zagaye. Ka rubuta Muharram da r ɗaya ko Shawwal da w ɗaya, ya zagaye. Ka sa Ramadan a sama, Ramalan a ƙasa, sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Watanni biyu ne, ko kai ne mutum biyu?" Ka koma ka sake bugawa, ka kawo mai tsabta, sannan ya buga hatimi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, wanda yake so kaɗai yake yi wa wannan wahalar. Takardar wanda bai dame shi ba, fayil yake jefa ta ko kallo babu. Matarsa ce kawai ta san haka, ita ke bin yara tana cewa, "Babanku yabo yake yi, bakinsa ne bai iya ba." Da ta rasu, sai aka rasa mai fassara shi. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ta ja jiki a hankali. Shekara uku sai gaisuwar waya, ita ma a tsaitsaye. Abin yana cinsa ƙwarai, amma girman kai ya hana shi faɗa.

Wata safiya direban makarantar da Uwata take shugabanta ya kawo masa ambulan. Wasiƙa ce ta ofis, da kan takardar makaranta, da sa hannunta. Ya ga an rubuta Gayyata, ya ga za a yi mata taron ban kwana domin an mayar da ita wani gari mai nisa. Murna ta kama shi, Uwata ta tuna da shi. Sai kuma idonsa ya koma sama, inda aka rubuta ranar taron: jumaa, 12 ga shaaban.

Tun kafin ya yi tunani biron ya fito daga aljihu. Ya mayar da j da sh manyan baƙaƙe, ya saka ɗan waƙafin nan na sama a Juma'a da Sha'aban, ya bi sauran takardar yana farautar irinsu, ya sami biyu. Ya ninke ta da kyau ya miƙa wa direba.

"Baba, ba amsa?"

"Kai mata. Ta sani."

Ya ba da babbar rigarsa guga, ya je aski, ya zauna jiran mai tsabta, don a tsarinsa wasiƙa ba ta zama wasiƙa sai ta dawo a gyare. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, shiru. Ranar Juma'a ya sa rigar ya zauna a bakin ƙofa, duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Da la'asar ya shiga ya cire, ya gaya wa kansa sun fasa gayyatarsa ne.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya, an ɗaure katifa a samanta. Uwata ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta zauna ba.

"Baba, mun kama hanya. Na zo sallama."

"Na jira takardar, Uwata. Ba ki dawo da ita ba."

"Takardar da ka mayar mini? Na juya ta gaba da baya ina neman inda ka ce za ka zo, ban ga komai ba sai ja. Duk da haka na sa aka ajiye maka kujera a gaba, har aka tashi ba wanda ya zauna a kai."

"Ai da ban damu ba, da ban taɓa ta ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kin sa shaaban ba…"

"Na sani, Baba. Mai buga mini takardu ce ta yi, ni kuma na sa hannu ina hawaye, ban duba ba. Amma sakin layi na biyu ni na rubuta da kaina, kwana uku ina gyara shi. Me na ce a ciki?"

Ya buɗe baki. Yana iya nuna mata wurin kowane kuskure ido a rufe, huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Sakin layi na biyu kuwa ba kuskure ko ɗaya a cikinsa, don haka idonsa bai tsaya a kai ba.

Ta ba shi lokaci, har mijinta ya danna hon a waje. Sannan ta goge fuska da gefen mayafi ta miƙe.

"Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Ya biyo ta har ƙofa ba takalmi, yana so ya ce ta faɗa masa, kunya ta riƙe masa harshe. Da motar ta sha kwana ya koma ɗaki da sauri ya jawo durowa zai karanta, sai ya tuna takardar ba ta wurinsa, shi da hannunsa ya mayar.