Alif Ɗin Malam Ma'auni

Sunan da uwarsa ta raɗa masa ya daɗe da ɓata a unguwar. Kowa Malam Ma'auni yake ce masa, har mai kawo masa ruwa. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa, saboda ba a taɓa kawo masa kalmar Larabci ya fassara ta kai tsaye ba. Sai ya tuɓe mata kaya tukuna, ya fito da baƙaƙen tushenta guda uku, ya ɗora ta a kan ma'auni kamar mai sayar da zinariya, sannan ya faɗi nauyinta. Ko gaisuwa ka yi masa da Larabci, to ka tanadi lokaci.

Da safe yana koyar da sarfu a wata makarantar sakandare, ilimin yadda kalma take canja siffa ma'anarta ta canja. Yaran ba su damu ba, shi ma ya daina damuwa da rashin damuwarsu. Rayuwarsa ta gaske tana farawa ne bayan la'asar, a ɗakin da ke ƙofar gidansa, inda manyan mutane suke zuwa ɗaukar tafsiri. Akwai kafinta, da direban bas da ya aje aiki, da mai shagon magani, da wasu dattawa masu zuwa domin fanka. Akwai allon bango da ya yi fari don tsufa, da wata taga ƙarama mai kallon tsakar gida, ta inda matarsa take miƙo shayi tun suna da ƙuruciya.

Gaskiya malami ne, kuma bai taɓa yi wa nassi ƙarya ba. Abin da bai sani ba yakan ce bai sani ba, ko da yake hakan bai cika faruwa a gaban mutane ba. Aibinsa ɗaya, ba ya iya jin kuskure ya bar shi ya wuce. Ya gyara wa liman, ya gyara wa mai sanarwa a rediyo alhali mutumin ba ya jin sa, ya gyara wa surukinsa ranar farko da ya zo gaishe shi. Yana da kuma wata ɗabi'a ta koyarwa: duk ma'aunin kalma da zai bayyana, sai ya kawo misali da "wani mutum da matarsa". Ba wanda bai san mutumin ba. Matar kuwa tana bayan taga tana jin yadda ake juya ta daga ma'auni zuwa ma'auni, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Abin ya lalace ne a makon da ƙanwar matarsa ta rasu. Ita ta raine ta tun tana goye, don haka mutuwar ta doke ta ƙwarai. Gida ya cika da masu ta'aziyya. Tana zaune tsakiyar mata, ta ɗaga hannu tana yi wa mamaciyar addu'a da Larabcin da ta haddace. Malam yana wucewa ta bakin ƙofa, kunnensa ya tsinci wasali ɗaya da ya karkace. Ya tsaya, ya gyara mata, da ƙarfi, a gaban kowa. Har ya maimaita don ta ji da kyau.

Ta sauke hannunta, ba ta ƙarasa addu'ar ba. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba, in ban da gaisuwar safe da ta zama dole. Abinci yana zuwa a kan lokaci, riguna a goge, shayi yana fitowa ta taga. Magana ce kawai babu.

Malam ya duba lamarin ta kowace fuska ya ga shi ne mai gaskiya, domin wasalin nan da gaske ya karkace. Saboda haka ya yanke shawarar zai yi haƙuri. Haƙurin nasa shi ne ya ɗaure fuska, ya yi shiru shi ma, ya jira ranar da za ta gaji ta zo. Makonni suka shuɗe. Sai babban ɗansu, wanda yake aiki a wani gari mai nisa, ya bugo waya.

"Baba, Mama ta ce tana so ta dawo wurinmu da zama. Ranar Juma'a zan turo mota. In kana da magana, ka yi mata kafin nan."

"Ni nake da magana?" in ji Malam. "Ka tambaye ta ko ita ke da ita."

Ya aje wayar yana murmushi. A ganinsa wannan dabarar yaƙi ce, kuma dabara alamar an fara gajiya. Amma da ya wuce ta ƙofar ɗakinta ya ga akwati a buɗe a kan gado, sai da ya tsaya ya dube shi. Ya ce wa kansa barazana ce.

Ranar Laraba karatu ya kawo su ayar ƙarshe ta wata doguwar sura, inda aka umarci muminai da haƙuri har sau biyu a jere, da kalmomi biyu masu kama da juna. Malam ya ji daɗi, irin wurin da yake so ke nan. Ya miƙe ya rubuta baƙaƙe uku a allo: sad, ba, ra.

"Wannan shi ne tushen, haƙuri. In ka ce sabara, mutum ya yi haƙuri, shi kaɗai, tsakaninsa da ransa. Ciwo ne, rashi ne, talauci ne, ya daure. Umarninsa shi ne na farko a ayar, isbiru. Wannan mai sauƙi ne, kowa ya san shi, mu wuce."

Ya ja dogon alif bayan baƙin farko, har alli ya karye.

"To ku dubi nan. An ƙara alif ɗaya, ya zama saabara, umarninsa saabiru. Wannan ma'aunin yawanci ba ya tsayuwa da mutum ɗaya, sai da na biyu a gabanka. Kamar kataba, ya rubuta, da kaataba, ya yi musayar wasiƙa da wani. A nan kuwa gasa ce. Kana daurewa, shi ma yana daurewa, ana jira a ga wanda zai fara karaya. Da an so a ce ka tilasta wa kanka haƙurin da ba ka da shi, da wani ma'aunin za a ɗauko, a ce tasabbara. Tushe ɗaya ne, amma kowace riga da aikinta."

Direba ya gyaɗa kai kamar ya gane. Malam ya ɗan juya wajen taga, ya ɗaga murya fiye da yadda ɗakin yake buƙata.

"Misali, wani mutum da matarsa. Ta yi fushi ba bisa haƙƙi ba, ta yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Ta daure, ya fi ta daurewa. To wannan mutumin ya cika umarni na biyu, kuma in sha Allahu shi zai yi rinjaye."

Dattawan suka sunkuyar da kai, kowa yana duban tabarma. Kafinta ne kawai ya ɗaga hannu. Mutum ne mai jinkirin fahimta, wanda ba ya barin abu sai ya ga inda ƙusa za ta shiga, kuma ba da wata manufa ya yi tambayar ba.

"Allah gafarta Malam, na gane sai da mutum biyu. To shi na biyun, a cikin ayar, wane ne? Da wa aka ce a yi gasar?"

Malam ya buɗe baki, amsar tana nan a kan harshensa tun yana saurayi. Ya so ya kewaye ta, amma bai iya ba, domin bai taɓa yi ba.

"Mafi yawan masu tafsiri sun ce da abokan gaba ne. Maƙiyi, a fagen fama. Kada ya fi ka juriya."

"Oho," in ji kafinta, ya rubuta a hankali. "Da maƙiyi. To shi mutumin nan na misali, me matar ta yi masa haka?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Mai shagon magani ya shiga gyaran tabarau. A daidai lokacin tiren shayi ya leƙo ta taga kamar kullum, hannun da ya miƙo shi ya koma. Malam ya tsaya da guntun alli yana kallon alif ɗin da ya zana da hannunsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce a tashi, yau kansa yana ciwo.

Ya same ta a ɗaki tana naɗe zannuwa. Ya daɗe a bakin ƙofa, mutumin da yake iya juya fi'ili ɗaya har magariba ya rasa jimla guda. Daga ƙarshe ya yi gyaran murya.

"Na zo ne in ce kin yi rinjaye. Na karaya. Ki sauke akwatin."

Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

"Rinjaye a me, Malam?"

"A wannan... shirun da muke yi."

"Au, gasa muke yi? Wallahi ban sani ba." Ta ɗora zanen a kan 'yan'uwansa ta danna. "Ni ba jiran ka nake ba. Na duba ne na ga ba ni da sauran abin faɗa. Tun ina yarinya nake daurewa a gidan nan, ba don in kayar da kowa ba. Ran nan ina roƙa wa ƙanwata gafara ka tsaya auna min baki. Da na nemi haƙurin a inda na saba samun sa, sai na tarar ya ƙare."

"Wasalin..." ya fara, sai ya ji abin da bakinsa yake shirin yi, ya kama shi. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya bar gyara a cikinsa, ya kuwa zo a makare.

"Ki yafe mini," ya ce.

"Na yafe. Maganin hawan jininka yana saman firji, ɗaya da safe. Kada ka sha shi da shayi."

Ranar Juma'a motar ta zo. Shi da kansa ya ɗauki akwatin ya kai, ya tsaya a bakin titi har ta sha kwana. Ba ta ce ba za ta dawo ba, ba ta kuma ce za ta dawo ba.

Da aka koma karatu, direba ne ya zo da shayi a fulas daga gidansa, tagar kuwa an rufe ta. Ɗalibai suka buɗe sabuwar sura, Malam ya ce a dakata, akwai gyara a darasin baya. Suka dubi juna, don ba su taɓa jin ya gyara wa kansa ba. Ya je allo, inda kalmar take har yanzu, ya sa yatsa ya goge alif ɗin, ya bar baƙaƙe uku.

"Wannan na farkon, wanda na ce muku mai sauƙi ne," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wanda mutum yake yi shi kaɗai. Mu koma kansa, ban karanta shi da kyau ba."