Takardar da Na Ɓoye a Ƙasan Kwalla

Saura kwana biyu a yi sunan ɗana na biyu takardar ta iso gidanmu. Abokin karatun maigidana ne ya kawo ta, wani ɗan Zango mai yawan barkwanci. Bai tarar da shi ba, sai ya yi sallama da ni a zaure. Na fito ina jan ƙafa, jikina duk ƙamshin ganyen wankan jego.

"Uwargida, an sauka lafiya? To ke haka za ki yi ta tara masa sojoji, shi ko takardar gama makaranta bai karɓa ba?"

Na ce, "Ai kai ko soja ɗaya ba ka ajiye ba, sai baki."

Ya yi dariya, sannan ya gyara fuska. Ya miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa. Ya ce daga malaminsu na darasin fassara ne, kuma malamin ya ce hannu da hannu. Sun neme shi a waya, layin a kashe.

Maigidana Larabci yake karantawa a wata kwaleji. Tun yana yaro yake gaban malaman zaure, ya sauke, ya yi littattafai, da yamma kuma yana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. A duk darussansa ba wanda ya gagare shi sai guda ɗaya, wanda ake ba su rubutun Larabci su mayar Hausa. Sau biyu yana faɗuwa. Na farko ya ce kuskure aka yi wajen maki. Sai ga na biyu. Ya dawo ya zauna a kan tabarma, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙofa. Kwana uku tuwo yana kwana a kwano. Ya daina zuwa makarantar, ya cire layinsa, ya tattara littattafansa ya ɗaure a buhu. Abin da na ji ya faɗa wa Inna, mahaifiyarsa, shi ne, "Mutumin da aka ce bai iya mayar da Larabci harshen uwarsa ba, me ya iya?"

Sai da na haihu na sake ganin haƙoransa. Ranar da takardar ta zo, da safe har waƙa na ji yana yi wa jaririn. Na tsaya a zaure da ambulan a hannu. Ni a sanina, takardar makaranta ba ta taɓa shigowa gidan nan da alheri ba. Na ce a raina ta kora ce. Na ce bari a sha suna tukuna, mutum ya ci naman ɗansa da daɗin rai. Na ɗaga kwallar da ke can ƙasan jerena, na sa ta a ciki, na mayar da sauran a kai.

Aka yi suna. Na ce bari baƙi su watse. Baƙi suka watse, jaririn ya kama zazzaɓi, muka yi ta zirga-zirgar asibiti. Kullum da dalilina. Kuma kullum da na ƙara kwana, faɗin ya ƙara nauyi, don yanzu ba takardar kaɗai zan miƙa ba, har da bayanin inda ta kwana. Buɗe ta kuwa ban ko yi tunani ba. A gidanmu ba a koya mana buɗe abin miji ba.

Ban yi arba'in ba ya ce zai tafi. Wasu samarin unguwa za su haura Aljeriya aikin gini, ta Kongolam za su fita. Inna ta yi kuka, ta ce hannun da ya saba da alƙalami ina shi ina bulo. Ya ce alƙalamin ai ya ƙi shi. Ina ninke masa kaya, idona yana kan jeren kwallaye. Wallahi sau biyu na buɗe baki. Abin da ya hana ni, na ce mutum zai shiga sahara, kada in ɗora masa takardar kora a kan kayansa. Ya shafa kan yaran, ya ce mini, "Ki kula da Inna." Ya tafi da hantsi a bayan babur.

Bayan kwana goma sha biyu abokin nan ya dawo. Wannan karon ba wasa a bakinsa.

"Malam yana ta tambaya. Ya ce ko amsa babu? Rajista saura mako guda a rufe."

Na ce, "Wace rajista? Ba korarsa aka yi ba?"

Ya dube ni. "Kora kuma? Wa ya ce miki? Uwargida, kin dai ba shi takardar ko?"

Na kau da kai. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ta salati.

Na shiga ɗaki na sauke kwallaye. A aji huɗu na tsaya a firamare, karatuna sai da bin yatsa. Allah ya taimake ni da Hausa malamin ya rubuta, da hannunsa, shafi uku. Kalmomin Larabcin kuma ya yi musu wasali da jan biro, irin yadda na saba gani a allo. Na fara bayan azahar, ban kai ƙarshe ba sai da aka kira la'asar, yaro yana nono ina karatu.

Ya ce, "Ɗana, na rubuto maka da Hausa ne don Hausarka ce take kayar da kai, ba rashin Larabci ba. Na ɗauko takardunka na shekara biyu na jera su. A nahawu babu na biyunka a ajin. Kalmar da ba ka sani ba ba ta taɓa cutar ka, domin kana tsayawa ka bincika. Wadda take cutar ka ita ce wadda ka gani ka ce, wannan ai 'yar gidanmu ce."

Sai ya shiga kawo su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Hausa ta aro kalmomi da yawa daga Larabci, amma da suka daɗe a bakinmu wasu sun sake ma'ana, kama kawai ta rage. Inda aka rubuta mutum ya fita zuwa shugul ɗinsa, wato aikinsa, maigidana ya rubuta ya tafi shagalinsa. "Ka ɗauki magidanci mai neman abincin iyalinsa ka kai shi gidan biki." Inda aka ce fatila ta ƙone, ya rubuta fitila ta ƙone, alhali a Larabci lagwani ake nufi. Inda aka ce daula, ana nufin ƙasa da gwamnatinta, ya rubuta jin daɗi. Akwai labarin wasu matafiya da dalil ɗinsu ya ɓace musu a hanya, wato ja-goransu, shi kuwa ya ce sun rasa dalilin tafiyarsu, daga nan duk sauran labarin ya karkace. Ya ce ko sunan darasin ma haka yake: mu mun ce fassara, Balarabe in ya ce fassara bayani yake nufi, juya magana zuwa wani harshe tarjama yake ce mata.

"Wannan ciwon waɗanda suka tashi a zaure ne, masu kunne mai kyau. Ni ma na yi shi. Maganinsa ba wuya: duk kalmar da ta yi maka kama da Hausa, ita za ka fara tuhuma, ka buɗe ƙamus ko da kana jin kunya. Saura maka dama ɗaya a ƙa'idar makaranta. Ka zo ka yi rajista kafin a rufe, ka riƙa zuwa ofishina duk Laraba. Wata biyu ya ishe mu."

Na karanta wannan wurin sau uku. Sannan na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta daɗe tana kallon takardar, ba ta iya karatu ba amma ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ce, "Yarinya, kin yi tausayi a inda ba a sa ki ba." Ta tashi ta ɗauki buta.

Washegari na goya yaro, abokin ya raka ni wurin malamin. Dattijo ne siriri, ofishinsa takardu har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe na zauna. Na ce ko ni zan iya yi wa maigidana rajistar, ko in dangwala yatsa a madadinsa. Ya ce a'a 'yata, sai shi da kansa, ko kuwa ya rubuto neman a ɗage masa shekara da sa hannunsa, kafin ranar. Ya ce in ba shi lambar da za a same shi. Na ce babu, tun da suka wuce Agadas ba wanda ya ji su. Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce laifin har da nasa, ya ga abin tun shekarar farko, ya bari sai ta biyu, kuma da ya tako da ƙafarsa da ya fi takarda. Ya yi wa yaron addu'a. Mako ya cika, aka rufe.

Sai bayan wata guda waya ta shigo, baƙuwar lamba, ana la'asar sakaliya ina tankaɗe. Maigidana ne, muryarsa ta dushe. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya ce hannunsa duk ya farfashe amma lafiya lau. Na ce, "Malam, ina da magana, ka yi mini haƙuri har in gama." Na faɗa masa ranar da ta zo, da inda na sa ta, da abin da na zata. Na ce in karanta maka? Ya ce karanta.

Na karanta da in-ina, ina jin iska tana kaɗawa a wajensa. Da na zo wurin magidancin da aka kai gidan biki, sai na ji ya yi dariya, 'yar gajeruwa, ya ce, "Kai! Shugul. Wallahi haka ne." Daga nan bai sake cewa uffan ba har na kai ƙarshe. Na zaci layin ya yanke.

Na ce, "Kana ji na?"

Ya ce, "Shi ke nan abin? Wannan ne kawai?"

Na ce shi ke nan. Na ce ya yafe mini, ni na jawo, da na miƙa masa da yanzu yana gida.

Can ya ce, "Daina kuka, za ki tayar da yaro. Yadda nake a kwanakin nan, ko kin ba ni, a murhu zan sa ta ban buɗe ba."

Wanda ya ara masa wayar ya karɓi abarsa kafin in ce wani abu. Shekara biyu ke nan yana can, yana kira duk bayan mako biyu ko uku, bai sake tayar da zancen ba. Ni kuwa na zauna da mutumin nan shekara huɗu kafin ya tafi, ko yagaggen shafi ya tsinta a hanya, in da baƙin Larabci a jiki, sai ya karkaɗe shi ya soke a katanga. Ban taɓa ganin ya ƙona takarda ba.