Sabuwa a Cikin Kwali

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga makarantar koyon rubuta manhajar kwamfuta a Rijiyar Zaki, na sayar da gyaɗar da na noma kaf don in saya mata laftof. Malaminsu ya ce a ƙarshen zango kowa zai kunna wata kwamfuta ta gaibu a cikin tasa, ya yi aikin jarrabawa a ciki. Wanda ya kasa sai ya jira 'yan baɗi.

Ta rubuta min a takarda: RAM, wato filin aikin kwamfutar, takwas ko fiye, furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, mai ƙarfi, madannai masu daɗin taɓawa. Ni iyakata firamare, amma na haddace takardar a motar Minjibir.

A kasuwar 'yan kwamfuta wani mai shago ya ɗauko min ta hannu, gefenta duk ya goge.

"Alhaji, wannan doki ce. RAM takwas, ga gurbin ƙari. Taɓa madannan ka ji."

Na taɓa, na ji laushi. Sai na tambaye shi ta wa ce a da.

Ya yi dariya. "Daga waje ake kawo su a kwantena. Ko sunan kakan mai ita kake so?"

Zuciyata ta ƙi. In ta sata ce fa? Yarinya ta nemi ilimi da kayan haram, ta ci abinci da shi har ta mutu? Sau uku ina fita ina dawowa. Daga ƙarshe na shiga shagon gaba na sayi sabuwa fil a cikin kwali, da rasit. RAM huɗu ce. Na ce a raina sabuwar huɗu ai ta fi tsohuwar takwas, kamar taya.

'Yata ta buɗe kwalin a tsakar gida, ta karanta bayansa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Rubutu yana yiwuwa, duk da madannan sun matsu, tana yi tana yarfe hannu. Amma da ta kunna ta gaibun ta ba ta RAM biyu daga cikin huɗun, sai komai ya sandare. Ta motsa kibiyar da ke kan fuskar laftof ɗin, ta tafi ta ɗora tukunya, ta dawo ta gaibun ba ta gama buɗewa ba.

Muka kai wa mai gyara ya ƙara RAM ɗin. Ya kwance bayanta ya nuna min da tsinken sukudireba.

"A manne take da allon ciki, Baba, babu gurbi. Furosesan ma na kallon fim ne. Wa ya zaɓa muku?"

'Yata ta riga ni. "Ni ce."

Ranar jarrabawa ta zauna gaban laftof ɗin har lokaci ya ƙare. Aka sa sunanta cikin 'yan baɗi. Da damina ta faɗi muka fita shuka tare, ina sara tana jefa iri tana take ramin, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Har yau ban san ko waccan ta hannun ta sata ce ba.