Ranar da Baba ya nemi kuɓewa

Bayan an sallamo Baba daga asibiti sai ya ɗaura yaƙi da abinci. Tsohon soja ne, ya iya riƙe fagen daga: kunu ya zo ya koma, shayi ya huce a gabansa. Likita kuwa ya riga ya faɗa mana cewa in ba ya ci a gida, gado na nan na jiransa, da ƙarin ruwa.

Ranar wata Asabar ina tsakar gida ina duba aikin ɗalibaina, sai muka ji muryarsa daga ɗaki: “Kuɓewa nake sha'awa.”

Gida ya kaure. Mama ta saki tsintsiya, ta yi godiya ga Allah da yarenmu na gida, ta ƙara da Hausa don kada a ce ba a ji ba. Matar ƙanena, 'yar Binuwai, wadda ke zaune da mu tunda aka tura mijinta aiki nesa, ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Ba wanda ya tsaya tambayar Baba wace kuɓewar, ko da me zai ci ta. Ni mai koya wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ni ma ban tambaya ba.

Mama ta sauko da garin busasshiyar kuɓewa, ta ɗora ruwa da daddawa da busasshen kifi, ta kama maburgi tana kaɗawa. Matar ƙanena kuma, a garinsu ba a girmama mutum da abin da bai kai sakwara ba, sai ta fere doya ta dafa, ta jawo turmi ta bayan ɗaki. Mama ta ji daka ta ce a ranta an hutar da ita tuƙi. Ita kuma ta ji ƙamshi ta ce an hutar da ita miya. A tire ɗaya suka haɗu, ni na ɗauka.

Baba ya wanke hannu, ya gutsuri sakwara, ya tsoma. Miyar ta zame ta bar lomar fara tas, kamar ba su taɓa gaisawa ba. Ya kai baki, ya yamutsa fuska, ya ture kwanon.

“Wa ya sa wa soja hular ɗan sanda?”

“Baba, kuɓewa kuka ce,” in ji ni.

“Malama, da duk karatunki? Busasshiya ta tuwon hatsi ce. Dawa ko masara, mai ɗan kaushi da zai riƙe ta. Sakwara sulɓi gare ta da ɗan zaƙi, ita da daddawar nan faɗa suke yi. Sakwara ɗanyar kuɓewa take so, da manja, mai kauri.”

Ya juya zai kwanta. Abin da ya fi ba mu tsoro ke nan, don in ya ba bango fuska an gama magana sai gobe.

“Kada ka kuskura ka kwanta!” in ji Mama. “Miyata ba ta da laifi, abokin tafiya ne ba ta samu ba.”

“Mama, ai sakwarata ma marainiya ce,” in ji matar ƙanena, tana naɗe malmalar a leda ta tura cikin kula don kada ta huce.

Sai tsere ya tashi. Mama ta hura wuta, ta yi talge da garin jar dawar da aka aiko mana daga garinmu Dabai, ya tafasa, ta zuba gari ta hau tuƙi da muciya kamar ba ita ce mai kukan ciwon kafaɗa ba. Matar ƙanena ta faɗa ɗan lambun gidanmu ta tsinko ɗanyar kuɓewa matasa, ta goga, ta sa manja da kifi da 'yar kanwa.

“Yaya, kada ki rufe min tukunya, yauƙin zai mutu!” ta daka min tsawa. A aji ni ke ba da umarni. A nan aikina miƙo ludayi da tsare Baba da hira kada barci ya riga mu.

Kwano huɗu suka shiga ɗakin, biyu-biyu, kowa da nasa. Muka jeru a bakin ƙofa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ya fara da tuwon dawa. Miyar ta naɗe lomar, ta bi ta har baki. Ya haɗiye, ya sake gutsura. Mama ta dafe ƙirji. Da ya ci rabin malmala sai ya jawo sakwara, ya tsoma cikin ɗanyar kuɓewa, ya murza hannu ya yanke yauƙin a iska yadda ya koya a bariki.

“Wanne ya fi, Baba?” in ji matar ƙanena.

“'Yata, wanda ya daɗe a soja ba ya shiga tsakanin kwamanda biyu.” Ya suɗe yatsa. “Akwai garin rogo a gidan nan? Ɗanyar nan in ta saura, gobe da teba zan ci.”

Mama, wadda ta sha cewa teba abincin gwauraye ne, ita ta fara neman gyalenta za ta kasuwa.