Yaya Shatu da Ludayin Zogale

Lokacin da nake takabar maigidana abinci ya ƙi shiga mini. Mutane na ta kawo tuwo ina turawa gefe. Ranar kwana tara sai ga Yaya Shatu, matar Malam Daudu maƙwabcinmu, da ɗan gwangwanin madara cike da wani koren gari. Ta dama kunun gero da hannunta, ta barbaɗa rabin cokalin shayi a kai, ta zauna sai da na shanye. Ba ta yi mini wa'azi ba. Da za ta tafi ta ce kullum za ta dawo ta ga kofin, kuma ta dawo ɗin har na fita takaba.

Ita 'yar Kanya Babba ce, aure ya kawo ta nan Roni tun kafin a haifi babbar 'yata. Ba mu haɗa jini ba, girmanta ne ya sa nake ce mata Yaya. Bayan ɗakinta bishiyoyin zogale ne jere. Sauran mata mukan dafa ganyen mu yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ita kuwa busarwa take yi. Takan tsinke ganyen da safe, ta wanke, ta baza a tabarma cikin rumfa inda rana ba ta kaiwa, don ta ce rana na shanye masa kore da amfani. Bayan 'yan kwanaki, idan ya fara ƙaras-ƙaras a hannu, sai turmi, sai rariya, sai gwangwani mai murfi. Ranar kasuwar Gwiwa har can ake kai mata garin. Masu shayarwa da masu yaye yara su ne suka fi nema. Saiwa da ɓawo kuwa ba ta taɓa su, ta kuma hana masu ciki kusantarsu.

Malam Daudu manomi ne, mutum mai barkwanci. Shekara biyar ke nan da aka gano yana da ciwon suga da hawan jini, kowanne da ƙwayarsa da yake sha da safe. Yaya Shatu ta daina sa masa sukari a koko, ta koma sa masa ƙaramin cokali na garinta. Haka suka zauna lafiya har damanar da aka sauya masa ƙwayar suga aka ba shi mai ƙarfi, ga kuma noman gyaɗa. Ya fara dawowa daga gona a galabaice. Ita a ganinta jini ne ya yi masa kaɗan, don haka ta koma babban cokali. Da ta ga kasalar na ƙaruwa sai ta ɗauki ludayin da take kwasar koko da shi.

Ina shiga gidan kullum da safe in gaishe su, kuma na ga kokon. Ya yi kore shar kamar ruwan kududdufi. Malam yakan kurɓa sau uku ko huɗu ya yamutsa fuska, ya ce Shatu na son ta mayar da shi akuya. Ta tsaya a kansa sai ya sha rabi, ya haɗiye ƙwayoyinsa, ya saɓa fartanya ba tare da ya ci komai ba. Na kuma lura butarsa ba ta hutawa, don yawan garin na sakin ciki. Na gani, amma na yi shiru, ina ganin ba hurumina ba ne. Na roƙi Allah gafara kan wannan shirun.

Wata Talata da hantsi, yana dawowa daga gona ya sulale a bakin zaure. Gumi ya jiƙe masa riga, yana cewa ƙasa na juyawa. Aka ɗora shi a babur, ni da Yaya Shatu muka bi a wani. A asibiti wata ma'aikaciya, Malama Muhsina, ta tsira masa yatsa ta ce suga ya yi ƙasa ƙwarai, da ta auna hawan jinin shi ma ya sauka fiye da yadda ake so. Nan take ta haɗa ruwan sukari ta ba shi. Malam ya karɓa ya ce shekara biyar ana hana shi, ashe sai mutum ya faɗi ake ba shi. Bayan ɗan lokaci ta sake aunawa, ya ɗan hau. Sannan ta juyo ga Yaya Shatu.

"Inna, ban da ƙwayoyin nan, yana shan wani magani? Na gargajiya ko na kasuwa?"

"Ko ɗaya, 'yar nan. Ba na yarda ya sha jiƙe-jiƙe."

Ba ƙarya ta yi ba. A wurinmu zogale ɗan'uwan rama da kuka ne, wa zai kira miya magani? Ni ba mai magana cikin mutane ba ce, amma na ji idan na sake yin shiru za a mayar da shi gida ga ludayin nan. Na ce, "Malama, akwai dai garin zogale a koko." Yaya Shatu ta harare ni. "Ma'u, magani aka tambaya, ba cefane ba."

Malama Muhsina ta tambayi nawa ake sawa, aka ce ludayi. Ta ajiye biro, ta yi dariya kaɗan, sannan ta yi mana bayani a hankali. Ta ce garin abinci ne mai kyau, yana da sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da na gina jiki da na lafiyar ido, amma ganye mai yawa ne ke komawa cokali ɗaya idan ya bushe, don haka ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a yini ya ishi babban mutum mai lafiya. Ta ce yana iya sauke suga da jini da kansa, to idan ya haɗu da ƙwayoyin da aikinsu ke nan sai saukar ta yi yawa, balle ga mutumin da bai karya kumallo sosai ba, cikinsa na zuba, ga aikin gona. Ta ƙara da cewa kada mu ji haka mu ce zogale zai maye gurbin ƙwaya, ba zai iya ba. Likita ya zo ya duba ƙwayoyin, ya ce a ajiye garin mako biyu, a ci abinci kafin gona, a dawo awo.

Kwana biyu bayan nan gaisuwa kawai muke yi da Yaya Shatu. Malam ya warware. Da suka koma aka yarda masa rabin ƙaramin cokali a miya, kuma kowane wata ana aunawa. Har yau yana noma gyaɗarsa, yana gaya wa duk wanda ya zauna a zaurensa cewa ya taɓa yin akuya na wata guda.

Ranar da suka dawo daga awon farko Yaya Shatu ta shigo ɗakina bayan la'asar da gwangwanaye shida a zaninta. Ta zauna bakin gado ta ce ta ƙirga, cikin masu karɓar garinta akwai mutum huɗu masu shan ƙwayar suga ko ta hawan jini, kuma ba ta taɓa tambayar ko ɗaya ba. Waɗannan ta riga ta bi su gida-gida. Na kasuwar Gwiwa ne ba ta san fuskokinsu ba.

"Ke kin yi aji huɗu, Ma'u, ni alif ma da ƙyar. Ki rubuta mini a takarda, da boko da ajami, mu liƙa a kowane gwangwani. Ki ce ƙaramin cokali. Ki ce mai shan ƙwayar suga ko ta hawan jini ya faɗa a asibiti kafin ya fara, ko da ba a tambaye shi ba. Ki yi harufan manya-manya, tsofaffi ne za su karanta."