Jamusawa Biyu da Babbar Rigar Baba

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, shanu suna faɗuwa a bakin hanya kamar an ture su, mu kuwa muna jami'a a Harobanda, ƙetaren kogi a Yamai, muna gyara duniya da baki. Sojoji ne bisa mulki, kuma a kowane aji akwai kunnen da ba karatu ya kawo shi ba. Shi ya sa malaminmu na ilimin zaman jama'a, wanda muke kira Mushe kawai, wato "malam" da Faransancin bakinmu, ba ya son kama sunan wani Bajamushe da ƙarfi. Sai ya shafa haɓarsa ya ce "mai gemu", kowa ya gane. Bajamushe na biyu babu mai kama mutum saboda shi, amma don kada ya ji an ware shi muka sa masa "ɗayan".

Mushe ya raba mu biyu-biyu ya ba mu aikin rubutu: mu gwada maganar mutanen nan biyu kan abin da ke sa wani sama wani ƙasa a sana'o'in zamani. Mai gemu ya ce a duba abu ɗaya: wa ke da kayan aiki, wa kuma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Na farko yana cin gumin na biyu, sauran duk ado ne. Ɗayan bai musa zancen dukiya ba, sai dai ya ce akwai wani tsani daban, na daraja: wa ake tashi a gaishe shi, da wa ake cin tuwo a kwano ɗaya, ɗiyar wa ake aure. Mutum yana iya hawa wannan tsanin ya tsaya a gindin wancan.

Abokin aikina ɗan Tondibia ne, wani ƙauye kusa da Yamai, Bazabarme, jikan masu sarauta. Kamarad muke ce masa, don ko ruwa zai roƙe ka sai ya ce "kamarad", wato abokin gwagwarmaya. Ni kuwa ɗan mahauci ne. Babana ya zo Yamai daga gabas da wuƙa ɗaya, ya kafa teburinsa a kasuwar Lazaret, kuma farin da ya kashe mutane shi ya tashe shi, ba zan ɓoye ba. Makiyaya suna kawo shanu suna roƙo a saya kafin su mutu, Baba yana saye, ana yanka, ana shanya kilishi. Kafin shekara ta juya yana da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, da direba, da ma'aikata masu fiɗa, shi kansa ya daina taɓa wuƙa. Ya ɗinka wata babbar riga ta shadda, ruwan sararin sama, aikin wuyanta har ciki. Tana cikin akwati, don bai sami inda zai sa ta ba. Manyan gari suna aiko masa a kai musu nama, ba su aiko masa da goron gayyata.

Kamarad ya je Lazaret ya yi wa Baba tambayoyi da Hausarsa ta kasuwa, ya dawo yana murna kamar ya tsinci zinariya. Muka rubuta cewa Baba ɗan jari-hujja ne, shi ke sama. Yayan Kamarad kuwa, magatakarda a wata ma'aikatar gwamnati, mai ɗaura karabat a wuya cikin zafin bazara, muka sa shi ƙasa tare da masu dako, tunda shi ma ƙarfinsa yake sayarwa a biya shi ƙarshen wata. Ɗayan Bajamushen muka ba shi rabin shafi, muka ce yana ɗauke wa talaka hankali ne.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ajiye butarsa.

"Wato a takardar taku na fi mai karabat?"

"Ka fi shi, Baba. Amma fa zagi ne, cewa aka yi kana cin gumin mutane."

"To a zage ni daga sama mana," ya ce. "Daga ƙasa na gaji."

Mushe ya maido mana da takardar ja-wur da tawada. Ya ce ya tambaye mu gwaji, mun kawo masa wa'azi. Ya ce mu koma mu auna duka biyun da abin da ido ya gani, in ba haka ba mu haɗu a jarrabawar gyara.

Kamarad ya yi fushi, amma kansa yana ja, wannan ba a hana shi. Ya koma ya karanta ɗayan da kyau, ya zo mini da makami daga bakin abokin gaba. Ashe ɗayan da kansa ya ce idan tattalin arziki ya girgiza, dukiya ke fitowa gaba, daraja ta ja baya. Sai zamani ya kwanta take dawowa. To wace girgiza ta wuce wannan? Ƴaƴan sarakuna suna layin dawar taimako, masu garke sun koma gadin gidaje. Kamarad ya ce daraja ta mutu tare da shanu, kuma zai nuna mini. Matar yayansa ta haihu, suna ranar Asabar a Tondibia. Zai gayyaci Baba, gayyata ta sosai. In aka zaunar da shi a tabarmar manya, mai gemu ya ci, mu rubuta.

Na ce masa ubana ba ɓeran gwaji ba ne. Ya ce ai ni ne mai tsohon tunani, har yanzu ina ɗauke da ƙauye a kaina. Wallahi na so ya yi gaskiya. Ban taɓa son a kayar da ni a gardama ba sai ranar.

Ya kai goron da hannunsa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi ya sake juyawa, bai ci ba, ya sa a aljihu. Daga ranar gidanmu bai huta ba. Aka fito da riga aka kai wa mai bugu, aka sayo turare, aka wanke mota har tayoyi. Inna ta ce ko aurenta bai yi wannan rawar kai ba. Ya sayi turmin atamfa don mai jego, ya ce kada a ɗauki ko tsoka ɗaya ta nama, yau ba nama ya kai shi ba.

Muka isa da sassafe, sanyin kogi yana busowa, kogin da ya janye har yara suna wasa a tsakiyarsa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, tsofaffi sun jeru, liman yana tsakiya. Kamarad, jagoran talakawan duniya, an aike shi ɗauko kujeru. Babu shi.

Yayan ne ya tarbe mu. Yau babu karabat, farar riga ce wadda wanki ya cinye bakinta. Ya san Baba sarai, a teburinsa yake sayen nama. Fuskarsa ta washe, har ga Allah murna yake.

"Fofo, fofo! Alhamdu lillahi, mahauci ya iso. Ƙanena ya ce za ka zo, na ce kai, yaron nan ya yi hankali. Wanda muka yi magana da shi bai zo ba. Bi ta nan, ragon yana baya, liman na gama addu'a zai yanka."

Ya nuna wani lungu tsakanin katanga da bayan gida. Bai ga rigar ba. Ko ya gani, ya ɗauka mahautan bana ne suka lalace da ado.

Jinina ya hau. Na buɗe baki zan yi masa bayanin waye ke sama waye ke ƙasa, da hujjoji da shafuka, sai Baba ya kama hannuna ya matse har na ji ƙashi. Ya dubi tabarmar. Akwai wuri a gefe, wurin mutum biyu ma. Babu wanda ya matsa, babu wanda ya hana, kowa yana jan tasbaharsa. A cikinsu har da wani dattijo da ya zo neman aikin gadi wurin Baba watan da ya wuce, shi ma ya sami abin kallo a ƙasa.

Baba ya cire babbar riga ta kai, ya ninke ta a hankali, ya ɗora mini a hannu tare da atamfar. Ya ce wa yayan, "A ba ni wuƙa, ban zo da tawa ba." Yayan ya yi dariya ya ce yau ya ga mahauci babu wuƙa.

Na tsaya a lungun ina rungume da riga ina kallon ubana ya durƙusa yana fiɗa da wuƙar girki mai dakushi. Hannunsa bai manta ba, fatar ta fita ko ƙwarzane babu. Can sai ga Kamarad da kujeru a ka. Ya gan mu, ya sauke su, ya ce kuskure ne, zai je ya yi magana yanzu-yanzu. Ya je kuwa. Na hango shi ya tsuguna gaban kawunsa, ya cire hula, yana magana ƙasa-ƙasa. Kawun ya ce wani abu gajere, Kamarad ya ce to, ya tafi jera kujeru. Juyin juya hali ya ƙare a nan, bai kai tsawon gaisuwa ba.

Sun yi mana kirki, kada in ci hakkinsu. Suka ba Baba wuyan rago, rabon mahauci, a nannaɗe cikin takardar siminti, har da ƙarin hanta don aikin ya yi kyau. Yayan ya rako mu, ya ga motar, ya tambayi Baba ta wane Alhaji ce aka ba shi aro.

Rubutun ni na ƙarasa shi, Kamarad ya sa hannu bai karanta ba. Na rubuta cewa mai gemu ya faɗa mana wanda ya ƙoshi a shekarar fari da wanda ya yi layin dawa, kuma bai yi kuskure ba. Amma bai san dalilin da zai sa mai kamiyo ya bi ta lungu, mai jiran ƙarshen wata ya nuna masa hanya ba. Wannan sai ɗayan. Na ƙara cewa girgizar da ɗayan yake zance ta karya aljihu, ba ta kai ga tabarma ba tukuna. Mushe ya ba mu makin da ya fi na kowa, ya rubuta a gefe: misali mai kyau ƙwarai, a ina kuka samo? 

A hanyar dawowa ranar, da muka kusa Lazaret, Baba ya juyo ya dube ni. Wuyan ragon yana tsakaninmu, ya fara jiƙa takardar.

"Wannan ɗayan naku," ya ce, "shi ma ɗan mahauci ne?"

"A'a, Baba. Ɗan masu hali ne, gidan manya."

"To," ya ce. "Daga kan tabarma ya gani ke nan."

Da muka shiga gida Inna ta taho da fara'a tana tambaya wa da wa aka gani. Ya miƙa mata wuyan ya ce a yi miya. Ya karɓi rigar daga hannuna ya duba ta ciki da baya, ko ɗigon jini babu. Ya mayar da ita akwati. Da ya zo rataye ƴar cikinsa sai goron ya faɗo daga aljihu, ya bushe ya yi baƙi, ya ɗauka ya ba Inna ya ce ta zubar.