Takardar da ta ce ba a gani ba

Shekarar da maigidana ya fara noman albasa a ƙasan dam na Goronyo, ɗiyata ta fari tana da shekara tara, ni kuma ina koyarwa a firamare. Wata Laraba ta dawo daga makaranta tana cewa cibiyarta na ciwo. Na ɗauka ɗanyen mangwaro ne, na jiƙa mata kanwa. Kashegari ta tashi da ɗan zazzaɓi, ta ƙi kunu, ta yi amai sau biyu, ciwon kuma ya bar cibiya ya sauka ƙasan ciki ta hannun dama. Tafiya take yi a duƙe kamar tsohuwa.

Ma'aikacin asibitin garinmu ya danna wurin, ta ƙwalla ƙara. Ya ce yana zargin afendis ne, wani ɗan guntun hanji da kan kumbura, mu tafi Sakkwato a yi hoton ciki, kuma kada mu ba ta komai ta ci. Munka shiga mota ni da ita da ubanta. Duk ramin da direba ya faɗa tsakanin Marnona da Acida sai ta damƙe hannuna ta cije leɓe.

A babban asibiti anka ɗebi jininta, anka tura mu ɗakin hoto. Likitar hoton mace ce, Kirista, 'yar ƙasar Zuru, Hausarta fes. Ta shafa wa yarinyar wani abu mai sanyi da yauƙi, ta ɗora kan na'urar, tana dannawa a hankali, tana sassautawa, tana sake dannawa. Na zuba wa allon ido. Ban ga komai ba sai toka-toka da baƙi, kamar gajimaren farkon damina. Ta daɗe ƙwarai. Daga ƙarshe ta goge cikin, ta rubuta takarda, ta ce ba ta ga afendis ɗin ba.

Na ce Alhamdu lillahi, na fara ɗaura wa ɗiyata zane. Likitar ta riƙe hannuna.

"Malama, ban ce lafiyarshi lau ba. Cewa na yi ban gan shi ba."

Ta yi mani bayani. In ta ga afendis siriri, yana lotsewa in an danna, ta iya cewa lafiya. In ta gan shi ya yi kauri, ya ƙi lotsewa, ta iya cewa ya kumbura. Yau ko ɗaya ba ta samu ba. Iska ta cika hanjin, na'urar kuma da sauti take aiki, sauti ba ya ratsa iska. Wasu yara kuma nasu a bayan babban hanji yake kwance. Ta ce ta duba kewayen wurin, ba ta ga ruwa ya taru ba, kitsen wurin bai nuna alamar kumburi ba, wannan yana rage zargi amma bai kore shi ba.

Na gyaɗa kai kamar na fahimta, amma da na fito baranda sai na kasa maimaita wa maigidana. Shi abin da ya ɗauka, yarinyar babu afendis ɗin aka haife ta. Yana tambayata, to mi ke ciwo ke nan? Ni kuma takardar na hannuna, ina karanta Turancin kalma bayan kalma, kowace kalma na san ta, amma ban san ko albishir ce ko gargaɗi ba.

Yayana, wanda ke aikin gwamnati a birnin, ya iso bayan la'asar. Da ya ji labari ya ce ai wannan ƙaramin hoto ne, akwai babba, siti sikan, wanda ake tura mutum cikin wata na'ura mai kamar zobe, ba abin da ke ɓuya gare shi. Shi aka yi wa abokin aikinsa. Maganarsa ta shige ni. Munka tari likitan tiyata yana fitowa daga ɗakin yara, Yaya ya ce a yi mata babban kawai a huta.

Likitan bai musa cewa babban ya fi gani ba, abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Ya ce wancan da haske irin na hoton ƙashi yake aiki, mai yawa ƙwarai, jikin yaro da ke girma ya fi na babba jin illarsa, kuma yaro na da shekaru masu yawa a gaba da illar za ta iya fitowa, har da ɗan ƙarin haɗarin ciwon daji. Haɗarin ƙarami ne, in ji shi, in tilas ta yi za su yi. Amma tilas ba ta yi ba tukuna. Za su kwantar da ita, su sa mata ƙarin ruwa da maganin rage zafi, su riƙa duba cikin, da safe a sake hoton farko.

"Likita, in ya fashe kafin safe fa?" Ni ce na tambaya.

"Shi ya sa ba za ki tahi da ita gida ba. Muna nan muna dubawa. In cikin ya canza, ba za mu jira hoto ba."

Yaya ya tafi ransa a ɓace, yana cewa mun zaɓi jira alhali ga hanya. Ni ban san na zaɓi komai ba. Kalmar daji ta tsaya mani a rai, kalmar fashewa ma ta tsaya, ban san wadda zan fi tsoro ba. Maigidana ya je ya zauna bakin masallacin asibiti.

Da safe zazzaɓinta ya ɗan ƙaru, ta ƙi miƙe ƙafar dama. Anka sake kai mu wurin likitar hoton. Wannan karon ta ce wa yarinyar ta nuna da yatsa ɗaya inda ya fi zafi, sannan ta kwantar da ita kan gefen hagu, ta bi da na'urar ta kwiɓi. Can ta tsaya. Ta nuna mani wani abu a allon kamar guntun karan dawa, ƙarshensa ɗaya a toshe. Ta danna, bai lotse ba, ɗiyata ta yi ƙara. Ta auna shi, ta ce ya wuce milimita shida da suke ɗauka iyaka, ga kitsen gefensa ya yi fari. A bayan hanjin yake.

Na tambaye ta ko jiya ma yana nan. Ta ce yana nan, sai dai iska ta rufe shi, kuma mai yiwuwa bai kai haka kumburi ba.

Kafin azahar anka shiga da ita tiyata. Da likitan ya fito ya ce ya kumbura sosai amma bai fashe ba. Yaya ya zo da lemu, bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce ya yi ba, don har yau in na tuna wannan yinin ban tabbata da mi zan ce ba da a ce abin ya zo da akasi.

Kwana uku munka ƙara. Ranar da anka sallame mu ɗiyata ta ce fura take so, ta wajen matar Fulanin da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari. Ubanta ya ce sai likita ya yarda, ya koma ciki da kansa ya tambayo, ya fito yana dariya ya ce an ce ta sha, amma kaɗan-kaɗan.